Bonas kashi 50, kashi 100, ko ba bonas: wacce data ce ta fi a naira 5,000?

"Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida a Hotoro, duk cinikina ta WhatsApp ne. Data ta naira 5,000 nake saye duk wata, kuma kusan 12GB nake ci. Yanzu tayi uku ne a gabana, kuɗi ɗaya, duk na kwana 30. Na farko 10GB da bonas kashi 50, bonas ɗin na kwana 7. Na biyu 13GB ba bonas. Na uku 8GB da bonas kashi 100, amma na dare ne, daga 12 zuwa 5 na asuba. Ƙanina ya ce in ɗauki na uku tunda ninki ne. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Ki ɗauki na biyun, wanda ba shi da bonas ko kaɗan. Na farko yana iya kamo shi a wasu watannin, zan nuna miki yaushe. Na ukun da ƙaninki ya zaɓa kuwa, a irin aikinki shi ne mafi tsada a cikinsu, kuma ba da ɗan tazara ba. Ni sayar da kati da data ne sana'ata a Farm Centre, irin wannan lissafin kullum sai na yi wa wani a bakin shago, don haka bari mu bi shi daki-daki, yadda gobe idan an sauya lambobin za ki iya yi da kanki.

Kashi nawa, kuma na me?

Kashi cikin ɗari ba ya nuna yawan abu sai an faɗi abin da aka ɗora shi a kai. Kashi 100 na 8GB shi ne wata 8GB, jimla 16. Kashi 50 na 10GB shi ne 5GB, jimla 15. Kin ga kason na uku ya ninka na farko a baki, amma da aka mai da su giga, giga ɗaya tak ce tsakaninsu. Dalili shi ne wanda ya ba da babban kaso ya fara ne daga ƙaramin tushe. Wannan shi ne abu na farko da ido ke tsallakewa, domin a talla kason ake rubutawa da manyan baƙi, tushen kuma da ƙanana.

Abu na biyu, ƙarin kashi 50 ba ragin kashi 50 ba ne, ko da yake kunne ɗaya yake jin su. Idan 10GB tana naira 5,000, kowace giga ta kama naira 500. Da aka ƙara 5GB, sai ki raba 5,000 gida 15, giga ta dawo naira 333. Daga 500 zuwa 333 sauƙin kashi ɗaya bisa uku ne, wato kashi 33, ba rabi ba. Kafin farashin giga ya sauka da rabi, sai an ba ki ƙarin kashi 100 cif. Hanyar juyawar ba ta da wuya:

```
ragi = ƙari ÷ (100 + ƙari) × 100
```

Da wannan za ki ga ƙarin kashi 25 daidai yake da ragin kashi 20, ƙarin kashi 20 kuma bai kai ragin kashi 17 ba. Saboda haka duk ranar da aka ajiye miki ragin kashi 20 da bonas kashi 20 a kan kaya iri ɗaya, ragin ya fi. Da ragi za ki biya 4,000 a kan 10GB, kowace giga naira 400. Da bonas za ki biya 5,000 a kan 12GB, giga 417. Ga shi kuma ragi kuɗi ne da ya zauna a jakarki, ba ya ƙonewa bayan mako guda.

Tun da muna kan wannan, ga wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50. Idan abin da ake sayarwa naira 100 ya koma 150, sannan aka ba ki ƙarin rabinsa a kai, kin biya ɗaya da rabi, kin karɓi ɗaya da rabi. Wato kin koma tsohon farashi ne kawai, kuma sai idan kin cinye ƙarin gaba ɗaya.

To a takarda ga yadda naki ukun suke. Na farko kowace giga naira 333. Na biyu, 5,000 a raba gida 13, giga 385. Na uku, 5,000 a raba gida 16, giga 313. Idan nan za a tsaya, ƙaninki ya yi gaskiya, kuma wanda na ce ki ɗauka shi ne na ƙarshe. Amma wannan lissafin ya ɗauka cewa duk gigar da aka rubuta za ki ci ta. Nan gizo ke saƙar.

Gigar da za ki ci, ba wadda aka rubuta ba

Kin san idan kin sayi tumatir a 'Yankaba mai kaya ya cika miki gyara da nunannu, waɗanda ba za su wuce kwana biyu ba. Gyara ce ta gaskiya, ba wanda ya cuce ki, amma amfaninta gare ki iyakar abin da tukunyarki za ta ɗauka ne kafin su lalace. Haka bonas mai wa'adi yake. Tambayar ba nawa aka ba ki ba, nawa za ki iya ci kafin ya ƙone.

Kin ce kina cin kusan 12GB a wata. A raba gida 30, kin tashi da 400MB a rana (ina ɗaukar giga a matsayin mega 1,000 don sauƙin lissafi, bambancinsa da 1,024 bai kai ya sauya hukunci ba). A kwana 7 kenan za ki ci 2.8GB. Bonas ɗin tayin farko 5GB ne. Ko da komai ya tafi yadda ake so, 2.2GB za ta ƙone a daren kwana na bakwai ba ki taɓa ta ba. Abin da ya zama naki shi ne 10 da 2.8, wato 12.8GB. Raba 5,000 da wannan, giga ta kama naira 391. Ta riga ta haura 385 na tayin da ba shi da bonas. Tazarar ba ta da yawa, naira shida ce a giga, kuma 12.8 za ta kai ki ƙarshen wata. Shi ya sa na ce na farko ba abin yarwa ba ne.

Sai dai na ce idan komai ya tafi yadda ake so, kuma akwai sharaɗi guda da ya fi duk sauran nauyi, wanda da wuya ki gan shi a talla: daga wane asusu ake fara cira? Idan kin sayi data mai bonas, asusu biyu ake buɗe miki, na ainihi da na bonas, kowanne da ranar ƙarewarsa. Wasu tayin daga bonas ake fara cira, sai ya ƙare ko wa'adinsa ya cika a koma na ainihi. Wasu kuma sai na ainihi ya ƙare tas kafin a taɓa bonas. Lissafin 391 da na yi miki na nau'in farko ne. Idan tayin naki nau'i na biyu ne, duba abin da zai faru. A kwana 7 na farko kin ci 2.8GB daga cikin 10 ɗinki, saura 7.2, ba ki ko kusanci bonas ba. Wa'adinsa ya cika, 5GB ɗin ta tafi gaba ɗaya. Kin koma mai 10GB a naira 5,000, giga 500, kuma a cin 400MB a rana za ta ƙare ranar 25 ga sayenki.

Kwana biyar ɗin da suka rage kuma ba za ki rufe shago ba, dole ki cike. Ƙananan data na kwana ɗaya ko na mako kusan kullum sun fi tsada a giga idan aka gwada da na wata. A ce kina samun giga ɗaya a naira 800. Giga biyun da za ki cike da su 1,600 kenan, watan ya tashi miki a 6,600 maimakon 5,000. Wannan kuɗin cikon shi ne mutane ba sa sawa a lissafi, saboda ɗari biyar-biyar yake fita, ba a jin zafinsa sai an tara.

Irin wannan na sha gani a shago. Wani mai ɗinki ya zo mini rai a ɓace, ya ce an sace masa data, an yi masa alkawarin 15GB amma ba ta yi masa abin da 12 ke yi ba. Na karɓi wayar na buɗe saƙonnin da kamfani ya turo masa ranar da ya saya. Saƙo biyu ne a jere, minti ɗaya tsakaninsu. Na farko ya faɗi data ta ainihi da ranar ƙarewarta, bayan kwana 30. Na biyun ya faɗi bonas, da tasa ranar daban, bayan mako guda. Na farkon kawai ya karanta, na biyun har lokacin yana nan da alamar ba a buɗe ba. Ba a sace masa komai ba, an gaya masa, a saƙon da bai duba ba.

Yanzu na uku. Da rana 8GB kawai kike da ita. A cinki na yau da kullum za ta ƙare ranar 20. Sauran 8GB ɗin tana kulle sai sha biyun dare, lokacin da ke da masu sayen atamfarki duk kun yi barci. Ban ce ba za a iya cin moriyarta ba sam. Akwai abin da waya za ta iya yi da kanta da dare, kamar sabunta manhajoji da adana hotuna da hirarrakin WhatsApp. A ce kin tsara haka kin tura 1GB na cinki zuwa dare. Abin da kika amfana da shi 9GB ne, giga ta kama naira 556. Buƙatarki ta rana ta koma 11GB, kina da 8, saura uku da za ki cike. A farashin 800 ɗin nan, 2,400 kenan, wata ya tashi a 7,400. Wanda ya fi kowa araha a takarda ya zama ya fi kowa tsada da kusan rabin kuɗin.

Ga ƙaninki kuwa, watakila tayin nan daidai ne. Idan ɗalibi ne a BUK mai sauke bidiyon karatu ko mai kallon ƙwallo da fina-finai har asuba, zai iya cinye takwas ɗin dare tas, giga ta zauna masa a 313. Bai yi miki ƙarya ba, da cikinsa ya auna.

Hanya mafi sauri ta yanke hukunci

Ba sai kin yi duk wannan rabe-raben kowane wata ba. Tunda kuɗin ɗaya ne, ki ɗauki wanda ba shi da sharaɗi ki mai da shi ma'auni, sannan ki tambayi kanki: nawa zan ci daga bonas kafin in kamo shi? Na biyu 13GB ne tsantsa. Na farko 10 ne tsantsa, don haka sai kin ci 3GB daga bonas kafin ku yi kunnen doki, wato kimanin 430MB a rana a makon farko. Ke kuma 400 kike ci. Kin kusa, amma ba ki kai ba. Na uku 8 ne tsantsa, sai kin ci 5GB tsakanin sha biyu da biyar na asuba kafin ki kamo. Ke kin fi kowa sanin ko hakan zai yiwu.

Daga nan ne ake gane lokacin da na farko zai fi. Cinikin atamfa ba ɗaya yake duk shekara ba. Idan azumi ya raba tsakiya ana shirin kayan Sallah, ko kin shigo da sabbin kaya daga Kantin Kwari kina ɗora bidiyo a status safe da yamma, kina tura wa kowace mai tambaya hotuna goma-goma, kina kiran bidiyo don a ga kalar leshi, cinki na iya ninkawa. Idan kin sayi tayin farko daidai farkon irin wannan makon, kuma kin tabbatar bonas ake fara cira, cin kimanin 715MB a rana zai cinye 5GB ɗin kafin wa'adi. A wannan watan giga a naira 333 ta tabbata, kin samu giga biyu sama da na biyu a kuɗi ɗaya. Ranar saye ita ce dabarar, domin wa'adin bonas daga lokacin da kika biya yake fara ƙirga, ba daga lokacin da kika fara buƙata ba.

Gane wane asusu ake fara cira kuma ba ya buƙatar tambayar kowa. Tun 2023 aka daidaita gajerun lambobin duk layukan ƙasar nan, don haka ko MTN ne ko Airtel ko Glo, lambar duba ragowar data ɗaya ce:

```
*323#
```

Da zarar kin saya, ki danna ta, ki rubuta abin da ke asusun ainihi da abin da ke na bonas. Ki kashe Wi-Fi idan akwai, ki kalli bidiyo na minti goma, ki ɗan jira kaɗan, ki sake dannawa. Wanda ya ragu shi ake fara ci. Matsalar ita ce sai bayan kin biya za ki sani, don haka idan akwai ƙaramin samfurin tayin, na ɗari biyar ko na dubu, ki fara gwadawa da shi. Jerin tayin kansu kuma suna `*312#`.

Shi ma 12GB ɗin da kika faɗa ki tabbatar da shi, domin duk lissafin a kansa ya tsaya. A wayar Android ki shiga Settings ki nemo Data usage, ki saita shi ya nuna kwana 30 da suka wuce. Zai ba ki jimla, ya kuma jera miki manhajar da ta fi ci. Da yawa daga masu ce mini ciniki ne ke cinye musu data, idan muka buɗe nan sai mu tarar TikTok ne a sama, WhatsApp na biye daga nesa. Idan ainihin cinki ya kai 14GB ko 15, to babu ɗaya cikin ukun nan da zai kai ki, gara ki dubi babban tayi na gaba da su maimakon ki riƙa cikewa.

Wasu sharuɗɗan da za ki ci karo da su

Banza ba ta kai zomo kasuwa, kowane bonas da abin da kamfani ke nema da shi, ko ya jawo sabon mai layi, ko ya cike lokacin da hanyoyinsa ba su da cunkoso, shi ya sa na dare ya fi yawa. Ba laifi ba ne, ciniki ne. Amma akwai iri biyu da nake so ki sani don sun fi rikita mutane.

Na farko shi ne bonas da ake faɗa da naira ba da giga ba. Ki sa katin 1,000 a ce an ba ki 2,000 na data. Wannan 2,000 ɗin ba za ki iya sayen tayin wata da ita ba. Mega-mega ake cira, a farashin da aka yanka wa asusun bonas ɗin, wanda yakan fi na tayi tsada nesa ba kusa ba. A ce naira huɗu ake cira a kowace mega: 2,000 ɗin 500MB ce kawai, rabin giga. Kada ki gwada naira da naira, ki nemi farashin mega ki mai da ita giga tukuna.

Na biyu shi ne bonas da ba ya ɗorewa: na sabon layi na 'yan watanni, ko na sayen farko kawai, ko wanda aka ce "har zuwa" kashi kaza, inda babban kason yake kan tayi ɗaya tak a cikin jerin. Ke da za ki saya wata bayan wata, farashin da zai zauna bayan bonas ya wuce shi ne naki. Kuma idan kin bar sabuntawa ta kai-tsaye a kunne, wata na gaba za a cire 5,000 ɗin ko bonas yana nan ko ba ya nan.

Akwai kuma wani ɗan alheri da na biyu yake da shi wanda ban sa a lissafi ba. Galibi idan kin sabunta tayin wata kafin ya ƙare, ragowar data ta ainihi tana bin ki zuwa sabon watan, shi kuwa bonas ba kasafai yake bi ba. Gigar nan guda da za ta rage miki daga 13 tana iya taruwa ta yi miki rana a watan da ciniki ya buɗe.

Iyakar wannan lissafin shi ne farashi yake aunawa, ba sabis ba. Ba ki faɗa mini ko tayin ukun na layi ɗaya ba ne. Idan na kamfanoni daban-daban ne, giga mai araha a layin da bidiyo ke maƙalewa a ɗakinki ba araha ba ce, kuma a Kano unguwa da unguwa, har gida da gida, sabis yana bambanta. Kafin ki koma wani layi saboda giga biyu, ki sa masa data ta kwana ɗaya, ki ɗora bidiyo a status da misalin takwas na dare lokacin da kowa ke kan waya, a daidai inda kike zama ki yi ciniki. Farashi da sharuɗɗa kuma suna sauyawa ba sanarwa, abin da ke cikin saƙon da aka turo miki ranar saye shi ne hujja. Ki ɗauki hotonsa ki ajiye. Idan bonas ɗin da aka rubuta bai shigo ba, ko ya ƙare kafin ranar da aka faɗa, ki kira 300 ki shigar da ƙorafi a kamfanin, ki karɓi lambar ƙorafin ki rubuta. Idan ba su gyara ba, sai ki kira NCC a 622, kyauta ne, za su tambaye ki wannan lambar.